Ciwon ƙahon zuci mai hudowa ta baya bayan an sha giya: kwana biyun farko na kumburin fankiriyas

Akwai wani ciwon ciki da masu shan giya da yawa kan ɗauka a matsayin gyambon ciki, su nemi maganin olsa su kwanta. Yana kamawa a ƙahon zuci, wato saman ciki daidai inda haƙarƙari suka rabu, sannan ya ratsa ya fito ta tsakiyar baya. Ba ya murɗawa ya saki kamar ciwon hanji. Cikin minti goma zuwa awa guda yake kai ƙarshen ƙarfinsa, daga nan ya tsaya cak, awanni ko kwanaki. Mutum ya yi amai, ya sake yi, amma aman ba ya rage komai. In ya kwanta rigingine abin ya ƙaru, in ya zauna ya duƙa gaba ya rungume gwiwoyinsa sai ya ɗan samu sa'ida. Likitan da ya shigo ɗaki ya tarar da majinyaci a wannan zaman, yana gumi, ya ƙi yarda ya miƙe, tuni ya fara tunanin fankiriyas.

Dalilin hudowa ta baya yana ga inda fankiriyas take. Tsoka ce mai laushi, tsawonta kimanin santimita 15, tana kwance a gicciye a bayan tumbi, jingine da ƙashin baya. Ba ta reto a cikin kogon ciki kamar hanji, tana can bayan tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, kusa da wani curin jijiyoyi da ke ɗaukar saƙon zafi daga saman ciki. Idan ta kumbura, babu inda za ta buɗa. Kwanciya rigingine tana miƙar da tantanin a kanta, kayan ciki kuma su danne ta a kan ƙashin baya, duƙawa gaba tana sassauta wannan matsin. Zurfin nan nata ne kuma ya sa a awannin farko za a iya taɓa cikin a ji shi bai yi tauri sosai ba, alhali mai shi yana kururuwa. Wannan rashin daidaito tsakanin zafin da ake faɗi da abin da hannu ke ji ya sha sa a raina ciwon.

Aikinta biyu ne. Tana fitar da insulin cikin jini, tana kuma zuba ruwan narkar da abinci, kusan lita ɗaya da rabi a yini, cikin farkon ƙaramin hanji. Sinadaran da ke cikin ruwan nan suna iya narkar da nama da kitse, ita kanta fankiriyas ɗin kuwa nama ce da kitse. Abin da ke kare ta shi ne tana haɗa su a kulle. Mafi muhimmanci a cikinsu, tirifsin, yana fita ne a matsayin tirifsinojin, wanda ba ya cin komai sai ya isa hanji, inda wani sinadari na bangon hanjin yake buɗe shi, shi kuma ya buɗe sauran. Kumburin fankiriyas yana farawa ne a lokacin da wannan buɗewa ta faru tun a cikin gida. Giya tana taimaka wa hakan ta hanyoyi da dama: abubuwan da take rikiɗewa zuwa gare su a cikin ƙwayoyin fankiriyas suna dagula ma'aunin kalsiyam na ƙwayar, suna raunana jakunkunan da ke riƙe sinadaran, ruwan da ake fitarwa kuma ya yi kauri har ya riƙa toshe ƙananan bututu.

Sai dai a lura da wani abu. Buguwar dare ɗaya ga wanda ba ya sha ba ta cika haifar da wannan ciwo ba. Yawanci ana samunsa ne ga wanda ya shafe shekara biyar ko fiye yana shan sama da giram 50 na tsantsar barasa kullum. Lissafin ba shi da wuya: a ninka yawan mililita da kason barasar da ke cikin ɗari, a raba da ɗari, sannan a ninka da 0.789, a samu giram. Kwalbar mililita 500 mai kashi 5 cikin ɗari tana ɗauke da kusan giram 20, don haka kwalba uku a yini ta wuce iyakar. Kwalbar mililita 750 mai kashi 40 tana da kusan giram 237. Duk da haka, cikin masu shan da ya kai wannan, ƙasa da kashi 5 cikin ɗari ne ke kamuwa. Taba sigari tana ƙara haɗarin da kanta, gado ma yana da hannu. Ciwon kuma sau da yawa ba a kan teburin sha yake zuwa ba, sai washegari ko bayan kwana biyu, lokacin da mutum yake ganin ai ya riga ya wartsake.

Wannan yana da amfani a aikace. In mutum ya zo da kumburin fankiriyas yana warin giya amma shansa na jefi-jefi ne, kuskure ne a rufe bincike da cewa giya ce. Tsakuwar maɗaciya ita ce kan gaba wajen haddasa wannan ciwo a mafi yawan ƙasashe, giya ce ta biyu, kuma mashayi ma yana iya samun tsakuwa. Haka nan giya tana iya tura wani nau'in kitsen jini, tiraigilisarayid, ya haura miligiram 1,000 a desilita, wanda shi kaɗai ya isa ya kumbura fankiriyas. Kowanne da irin maganinsa, shi ya sa ake wa kowa sikanin na ciki, a auna kitsen jini da kalsiyam, ko da labarin giyar ya fito fili.

Waɗanda ke kama da shi

Kafin a kai ga fankiriyas, akwai cututtukan da ke zuwa da kamannin nan waɗanda ba sa jiran gobe, kuma duk suna samun mashaya. Na farko shi ne gyambon tumbi ko na farkon hanji da ya hude. Mai shi yana iya faɗin mintin da abin ya same shi, domin lokaci guda yake zuwa. Cikin ya yi tauri kamar katako, kuma saɓanin mai fankiriyas da ke neman yadda zai zauna, shi wannan kwance yake ba ya ko motsi, numfashinsa sama-sama, domin duk girgiza tana ƙara masa azaba. Hoton ƙirji da aka ɗauka yana tsaye ko zaune yana nuna iska a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, amma ba kullum ba, don haka in shakka ta rage sai hoton siti, wato hoton na'ura mai nuna kayan ciki dalla-dalla. Wannan aikin tiyata ne na gaggawa. Wani gyambon kuma ba ya hudewa cikin kogon ciki, baya yake ci har ya taɓa fankiriyas, sai ya ba da ciwon baya iri ɗaya sak.

Na biyu shi ne yagewar bututun abinci saboda yunƙurin amai, wanda likitan ƙasar Holan Herman Boerhaave ya bayyana a 1724. A nan jerin abubuwan ne ke tona asiri: aman ne ke fara zuwa da ƙarfi, sannan zafi mai tsanani ya biyo a ƙasan ƙirji da baya, numfashi ya yi wuya. Wani lokaci in aka danna fatar wuya sai a ji tana ƙaras-ƙaras saboda iskar da ta shiga ƙarƙashinta. A fankiriyas kuwa ciwo ne ke riga amai. Tambaya guda, "wanne ya fara?", tana iya sauya alƙiblar bincike gaba ɗaya.

Na uku bugun zuciya ne, musamman wanda ya shafi ƙasan zuciyar, domin yana iya zuwa da ciwon ƙahon zuci da amai da gumi ba tare da ciwon ƙirji ba, ga masu ciwon suga da tsofaffi ma ya fi yin haka. Gwajin isiji, mai duba aikin zuciya, na 'yan mintoci ne, bai kamata a tsallake shi ga duk babban mutum da ya zo da ciwon saman ciki ba. Na huɗu shi ne tsagewa ko fashewar babbar jijiyar jini da ta sauko daga zuciya ta bi gaban ƙashin baya: zafi mai kama da yaga, nan take, ga mai hawan jini ko tsohon mai shan taba, wani lokaci da suma ko sanyin ƙafa ɗaya.

Sauran sun fi sauƙin rarrabewa. Kumburin maɗaciya ya fi karkata dama, yana harbawa zuwa allon kafaɗar dama, in kuma ya haɗu da zazzaɓi mai karkarwa da shawara to bututun maɗaciya ne ya toshe ya kamu da ƙwayoyin cuta. Kumburin hanta na giya yana zuwa da shawara da ciwo mai nauyi, ba mai huda ba. Ƙunar tumbi ta giya, wadda ita ce ta fi yawa kuma ita kowa ke fata, tana da zafi-zafi kamar ƙwannafi, ba ta cika ratsawa baya ba, tana lafawa cikin yini. Abin da za a riƙe shi ne babu wanda zai iya raba waɗannan a gida da tabbaci. Ciwon saman ciki mai tsanani da ya wuce awa ɗaya ko biyu bai saki ba, ko wanda ya zo da amai ba tsayawa, aman jini, baƙin bayan gida, jiri in an miƙe, haki, ko ƙarancin fitsari, na sashen gaggawa ne a wannan lokacin.

Magungunan da hannu ke fara kaiwa gare su a gida suna iya ƙara ɓarna. Ibufurofen da daikulofenak suna cin bangon tumbin da giya ta riga ta ƙona, suna kuma matsa wa ƙodar da ba ta samun isasshen jini. Farasitamol ya fi su sauƙi ga tumbi, amma hantar mashayin da bai ci abinci ba ba ta jure adadin da ta lafiyayye ke jurewa, shi ya sa likitoci da yawa ke tsayar da shi a giram 2 a yini maimakon 4. Ƙara wata giyar don a kashe zafin kuwa, wannan ba sai an tsaya bayani ba.

Yadda ake tabbatarwa, da abin da lambar ba ta faɗa

Ana cewa mutum yana da kumburin fankiriyas in ya cika biyu daga cikin sharuɗɗa uku: ciwon da ya dace, ko laifes ko amiles, wato sinadaran narkar da abinci na fankiriyas da ake aunawa a jini, ya ninka iyakar lafiya sau uku ko fiye, ko hoto ya nuna kumburin. Laifes ya fi amiles amfani. Yana fara hawa cikin awa 4 zuwa 8, ya kai ƙololuwa wajen awa 24, ya zauna sama mako ɗaya zuwa biyu. Amiles yana sauka cikin kwana 3 zuwa 5, don haka wanda ya yi ta daurewa a gida kafin ya zo ana iya samun nasa daidai, kuma ga mashayin da fankiriyas ɗinsa ta daɗe tana lalacewa ma yana iya ƙin hawa tun farko. Ɗan hawan da bai kai ninki uku ba ba ya tabbatar da komai, domin hudewar gyambo da toshewar hanji da raunin ƙoda duk suna ɗaga su.

Inda iyalai, har ma da wasu ma'aikata, suke yin kuskure shi ne ɗaukar girman lambar a matsayin girman ciwon. Mai laifes 5,000 yana iya komawa gida cikin kwana huɗu, mai 400 ya ƙare a sashen kulawa ta musamman. Maimaita gwajin kowace safiya don a ga ko ya sauka ɓata jini ne kawai. Shi ma zafin ba ma'auni ba ne. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na masu wannan ciwo nasu mai sauƙi ne, yana warkewa cikin mako, amma a daren farko azabarsu ba ta bambanta da ta sauran kashi 20 ɗin.

Abin da ke raba su yana faruwa ne nesa da fankiriyas. Kumburin yana sakin sinadarai cikin jini da ke sa ƙananan jijiyoyin jini na duk jiki su fara yoyo. Ruwan jini yana tsiyaya zuwa bayan ciki da bangon hanji da huhu, lita-lita, ga amai ya kwashe nasa, ga mutum bai sha komai ba. Ruwan yana nan cikin jiki amma ba ya inda zuciya za ta iya harba shi. Jini ya yi kauri, ƙoda ta rasa rabonta, ita ma fankiriyas ɗin ta rasa, sai wani sashenta ya mutu. Tsarin da likitoci ke rarraba wannan ciwo da shi, wato rabe-raben Atlanta da aka sabunta a 2012, ya gina matakan tsanani a kan wannan ne: mai sauƙi shi ne wanda babu gaɓar da ta gaza, matsakaici shi ne wanda huhu ko ƙoda ko zagayawar jini ta gaza amma ya farfaɗo cikin awa 48, ko aka samu matsala a kewayen fankiriyas ɗin, mai tsanani kuma shi ne wanda gazawar ta zarce awa 48. A rukunin farko mutuwa ba ta cika faruwa ba. A na ƙarshe, kusan mutum ɗaya cikin uku ko huɗu yana rasa ransa.

Misali guda, daga ƙofa zuwa kwana na uku

A ɗauka wani mutum ne mai shekara 42, nauyinsa kilo 80, ya shekara takwas yana shan kwalba huɗu ta mililita 500 kullum, wato kusan giram 80. A ƙarshen mako ya ninka hakan, washegari da rana ciwo ya kama, ya iso asibiti bayan awa 10. Bugun jininsa 112 a minti, numfashi 24, zafin jiki 37.8, hawan jini 105 bisa 70, harshe a bushe, rabonsa da fitsari tun safe. Isiji lafiya, hoton ƙirji babu iska a ƙarƙashin tantani. Laifes ya fito 900 a ɗakin gwajin da iyakarsa 60, ninki 15 ke nan. Sharuɗɗa biyu sun cika, an san ciwon.

A wannan gaɓar mutane kan matsa a yi hoton siti. In an tabbatar da ciwon kuma babu shakkar hudewar gyambo ko tsagewar jijiya, siti na ranar farko ba ya ƙara komai, yana ma iya yaudara, domin mataccen sashe ba ya bayyana sosai sai bayan awa 72 zuwa 96. Sikanin ne ake buƙata yanzu, don neman tsakuwa. Nasa bai nuna ba, gwajin hanta na ALT kuma 60 ne. Da ya haura 150, da zargin tsakuwa ya yi ƙarfi ko da sikanin bai gan ta ba, tunda iskar hanji kan rufe wurin a ranar farko.

Lambobin da ya kamata a zuba wa ido wasu ne. Ana duba alamu huɗu na kumburin da ya game jiki: bugun jini sama da 90, numfashi sama da 20, zafin jiki sama da 38 ko ƙasa da 36, da fararen ƙwayoyin jini sama da 12,000 ko ƙasa da 4,000. Biyu sun isa. Nasa fararen 15,000 ne, yana da uku ke nan. Kaurin jininsa kashi 48 ne, sama da 44 da ake ɗauka a matsayin gargaɗi, sinadarin yuriya na jini, wanda ƙoda ke fitarwa, shi ma ya hau. Duka suna faɗin abu ɗaya: jijiyoyinsa sun yi ƙarancin ruwa.

Ƙarin ruwa shi ne ginshiƙin maganin, amma yawansa an daɗe ana gardama a kai. Shekaru da dama koyarwar ita ce a zuba da yawa, da sauri. Wani gwaji mai suna WATERFALL da aka wallafa a 2022 ya kwatanta hanyoyin biyu, aka dakatar da shi tun bai ƙare ba bayan majinyata 249, saboda kashi 20.5 na waɗanda aka zuba wa da yawa ruwa ya yi musu yawa a jiki, a ɗaya rukunin kuwa kashi 6.3, kuma yawan ruwan bai rage tsananin ciwon ba. Tsarin matsakaicin shi ne mililita 10 ga kowane kilo a farko in akwai alamar bushewa, sannan mililita 1.5 ga kowane kilo a kowace awa. Ga mutuminmu, mililita 800 cikin kamar awa biyu, sannan 120 a awa, kusan lita 3 a yini. Da tsarin mai yawa aka bi, da 1,600 ne a farko sannan 240 a awa, kusan lita 6. Jijiyoyin da ke yoyo ba sa riƙe rarar, huhu take tafiya. Ruwan da aka fi so shi ne na Ringa mai laktet, sama da ruwan gishiri zalla.

Lissafin farko ne kawai wannan, ba a saita shi a tafi. Bayan 'yan awanni ana dawowa a duba, a sake dubawa a awa 12 da 24. Fitsari ne ma'auni mafi arha kuma mafi gaskiya: aƙalla rabin mililita ga kowane kilo a awa, wato 40 a awa ga wannan mutum. In yana ba da 15 kuma bugun jini bai sauka ba, ana ƙara wani kason. In ƙafa ta fara kumbura, iskar jini ta sauka, aka ji ƙarar ruwa a ƙasan huhu, sai a rage. Tsoho ko mai ciwon zuciya ko ƙoda, gejinsa ya fi haka ƙunci.

Zafi kuma a kashe shi da gaske. Tsohon tsoron cewa mofin yana matse bakin bututun fankiriyas ya ƙara ciwon bai samu hujja a kan majinyata ba, don haka ana ba da shi ko danginsa ta jijiya gwargwadon buƙata. Mai ciwon da aka bari cikin azaba ba ya jan numfashi sosai, ƙasan huhunsa ya manne. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba a ba da shi don rigakafi. Zazzaɓi da hawan fararen ƙwayoyi na kwanakin farko daga kumburin suke, ba daga ƙwayoyin cuta ba, sai in an ga shaidar kamuwa a huhu ko fitsari ko bututun maɗaciya.

Abinci ma ra'ayi ya juya a kansa. A da ana hana ci kwana da kwanaki wai don a hutar da fankiriyas. An gano hanjin da aka bari babu komai bangonsa yana rauni, ƙwayoyin cutar cikinsa su tsallaka su je ga mataccen naman. Yanzu da zarar amai ya tsaya kuma mutum yana jin zai iya, cikin awa 24 zuwa 48, ana ba shi abinci mai laushi marar maiƙo, ba a jiran laifes ya sauka. Wanda ya kasa ci bayan 'yan kwanaki ana saka masa siririn bututu ta hanci, wannan ya fi ciyarwa ta jijiya.

Ga mashayi akwai agogo na biyu da ke tafiya tare da na farko, kuma sau da yawa ana mantawa da shi. Daga kofin ƙarshe, karkarwa da gumi da fargaba suna farawa cikin awa 6 zuwa 24, farfaɗiya tana iya zuwa cikin kwana biyun farko, ruɗewa mai tsanani da gane-gane kuma tsakanin awa 48 da 96, daidai lokacin da ake jiran a ga inda fankiriyas za ta nufa. Bugun jini 125 da ruɗewa a dare na biyu yana iya zama janyewar giya, yana iya zama huhu ne ke gazawa. Wanda ya ɗauka na farko ne ya ba da maganin kwantarwa ba tare da auna iskar jini ba ya yi ganganci. Don haka ana tambayar ainihin yawan sha da lokacin kofin ƙarshe, kuma ɓoye amsar saboda kunya yana cutar da mai ɓoyewar ne kawai. Ana ba da tayamin, wato bitamin B1, ta jijiya kafin ruwa mai suga ko tare da shi, a gyara magniziyam da fotasiyam da fosfet, a tanadi dayazifam ko danginsa don janyewar.

A awa 48 hanya takan rabu. In bugun jininsa ya dawo ƙasa da 90, fitsari yana zuwa, ya fara cin abinci, nasa mai sauƙi ne, zai fita cikin kwana 3 zuwa 7. In kuwa alamun kumburin nan sun ƙi sauka, gwajin kumburi na CRP ya wuce miligiram 150 a lita, kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda, ya haura miligiram 1.9 a desilita ko yana buƙatar ƙarin iskar oksijin, wurinsa sashen kulawa ta musamman ne, kuma yanzu ne hoton siti zai yi amfani. Shuɗin fata a kewayen cibiya ko a kwiɓi, da ake yawan ambata a littattafai, ba ya cika bayyana ba, in ma ya zo a makare yake zuwa, ba abin jira ba ne.

Wanda sashen fankiriyas ɗinsa ya mutu yana da zango na biyu a gabansa. Daga mako na biyu zuwa sama mataccen naman yana iya kamuwa da ƙwayoyin cuta: mutumin da ya fara samun sauƙi sai zazzaɓi ya dawo, siti ya nuna kumfar iska a cikin wurin. A nan ne maganin kashe ƙwayoyin cuta ya wajaba. Ko a nan ma ba a gaggawar yanka. Ana ƙoƙarin kaiwa mako huɗu, lokacin da jiki ya gina bango ya kewaye ɓarnar, sannan a fara da mafi sauƙi, wato zuƙe ruwan da bututu ta fata ko ta cikin tumbi da na'urar hangen ciki, a je ga kwashe naman in hakan bai wadatar ba. Gwajin PANTER na ƙasar Holan a 2010 ne ya nuna wannan bi-da-bi ya fi buɗe ciki kai tsaye. Tarin ruwan da ya yi jaka bayan mako huɗu kuma, in ba ya ciwo, ba ya hana ci, bai kamu ba, yawanci barinsa ake yi.

Bayan sallama, in tsakuwa ce sanadi kuma ciwon mai sauƙi ne, ana cire maɗaciya tun kafin a bar asibiti, domin jira yana kawo dawowar ciwon. In giya ce, babu ƙwayar da ke hana dawowa, dainawa gaba ɗaya ce kawai, haɗe da taba. Rage sha ko sauya nau'i ba ya wadatarwa, tunda giram ɗin barasa ne ke aiki ba sunan kwalba ba. Wani gwaji a ƙasar Finlan da aka wallafa a 2009 ya nuna waɗanda aka riƙa kira ana zama da su kan batun sha duk wata shida sun fi waɗanda aka yi wa magana sau ɗaya tsira daga dawowar ciwon cikin shekara biyu. Wanda jikinsa ya saba da giya kullum kuma kada ya yanke ta shi kaɗai a gida, saboda haɗarin farfaɗiyar da aka ambata. Kowane sabon kamu yana barin tabo, tabon ya taru ya zama kumburi na dindindin, wanda alamunsa su ne ciwon da ke tashi bayan cin abinci, rama, bayan gida mai maiƙo da wari da ke ƙin wankuwa, da ciwon suga. Ko bayan kamu guda ma sugan jini yana iya hawa daga baya, don haka ana auna shi bayan wata uku zuwa shida da sallama, sannan sau ɗaya a shekara.